Me ya sa magani ke tsufa a sitona alhali na farko nake fara fitarwa?

Tambaya: Malam, ina sarar magani a Aboabo, Kumasi, ina kai wa kemis-kemis. Kayan da ya fara shigowa shi nake fara fitarwa, amma duk da haka katan goma sha biyar na ruwan farasitamol sun maƙale mini, wa'adinsu ya kusa. Ina matsalar take?

Amsa: Alhaji, ranar shigowa kake bi, alhali ranar ƙarewar wa'adi ce ke cin kuɗinka. Dila na iya kawo maka kaya yau wanda ya daɗe a nasa siton.

A ce kana sayar da katan 10 a wata. A farkon Janairu ka karɓi katan 40 na rukunin A, wa'adinsa 12/2027. A farkon Maris katan 25 na rukunin B suka iso, wa'adinsu 08/2026. A ce kuma masu kemis ɗinka ba sa karɓar abin da ya rage masa ƙasa da wata uku, wato B sai ya fita kafin ƙarshen Mayu. In ka bi shigowa, Maris da Afrilu za su tafi wajen ƙarasa katan 20 na A, a Mayu ka fitar da 10 na B, sauran 15 su zame maka kaya. Da ka juya kan B tun ranar da ya sauka, da tsakiyar Mayu ya ƙare, A kuwa ba abin da zai same shi. Wannan shi ne FEFO a manhajojin sito, wato wanda wa'adinsa zai fara ƙarewa shi ke fara fita.

Gyaran yana farawa ne a bakin mota. Kada a rubuta "farasitamol, katan 45" a layi ɗaya. Kowane rukuni da layinsa: lambar da ke gaban `LOT` ko `B.No`, ranar `EXP`, adadi, da inda aka jera shi. A buɗe katan a duba kwalbar, domin takardar dila takan saɓa da abin da ke ciki. Kwalin da ke da lambar GS1 kuwa, wato tsarin lambobin kaya na duniya da ake bugawa a jikin kwali, lambar da ke gaban (10) rukuni ne, ta gaban (17) wa'adi, ta gaban (21) siriyal na wannan kwali shi kaɗai. A yawancin kayanka rukuni ya wadatar, muddin kana rubuta shi a kowane rasit. Ranar da hukumar abinci da magunguna ta Ghana, wato FDA, ta janye wani rukuni, rasit ɗin ne zai nuna maka kemis ɗin da ya tafi.

Inda na fi ganin abin yana rushewa shi ne hannun yaran sito. Mota na jira, direba na matsa ham, sai yaro ya sungumi katan ɗin da ke kusa da ƙofa. Don haka mai gajeren wa'adi a jera shi gaba, a rubuta watan da babban baƙi a gefen da ake gani. Duk ranar Asabar ka ƙirga rukuni-rukuni. In jimilla ta dace da littafi amma B ya fi abin da aka rubuta, A kuma ya gaza, to ana ɗauko maka wanda bai kamata ba, kuma lambobin da ke rasit ɗinka na wannan mako ba daidai suke ba.