Na zo na biyu a intabiyu, yanzu sun fitar da wani gurbi: in sake tuntuɓar ta?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mutumin ƙasar Jahun ne. Wata bakwai da suka wuce na yi intabiyun jami'in tattara bayanai a wata ƙungiya mai ofis a Dutse. Jami'ar ɗaukar ma'aikata ta kira ni ta ce ni ne na biyu. Yanzu sun fitar da gurbin jami'in hulɗa da al'umma. In neme ta, ko zai zama roƙo?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Neme ta, amma da tsari. Na daɗe ina zama a kwamitin intabiyu na ayyukan karkara tsakanin Kano da Jigawa, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ɓangaren masu ɗauka.

Kiran da ta yi maka alama ce mai kyau. Wanda aka sallama kawai, imel ɗin nan na bai-ɗaya ake tura masa, mai cewa za a ajiye takardunsa. Wanda ya zo na biyu da gaske kuwa, yawanci ana kiransa a waya, wani lokaci a tuntuɓi mutanen da ya ba da sunansu su shaide shi, ko a nemi izininsa a sa shi cikin jerin ajiya. Tambayi malaman da ka ba da lambarsu ko an taɓa kiransu. In an kira su, ba a bari ka tafi ba sai da aka kusa ba ka aikin.

Dalilin da ya sa na ce ba roƙo ba ne: ɗaukar ma'aikaci wahala ce a wurinta. Gurbi ɗaya takardu su yi tuli, a tace, a haɗa kwamiti, a zauna wuni guda ana ba da maki. Mutumin da kwamiti ya riga ya gani, makinsa yana cikin fayil, sauƙi ne ya zo mata. Sai dai ka sani, makin nan naka na tsohon gurbi ne. An auna ka a kan manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox da Excel da tsaftace bayanai. Sabon gurbin kuma abin da zai nema daban: zama da dagaci da masu unguwanni da limamai, shirya taron gari, karɓar koken mutane, rubuta rahoton mako. Nan ne mafi yawan mutane suke yin tuntuɓe. Su rubuta "ni ne wanda ya zo na biyu" su tsaya, kamar an ci musu bashi. Ita kuwa tambayar da ke ranta ita ce: me ya haɗa wannan yaron da wannan aikin?

Saboda haka kafin ka taɓa wayarta, ka cike fom ɗin sabon gurbin ta hanyar da tallar ta faɗa, kafin ranar rufewa. Wannan ba abin wasa ba ne. A ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin masu ba da tallafi, masu binciken kuɗi suna duba fayil ɗin ɗaukar aiki, kuma sunan da bai shigo ta ƙofa ba, ko tana son ka ba ta da yadda za ta cusa shi. Ka kuma sake gyara takardar tarihin karatunka da aikinka, kada ka dogara da wadda ke hannunsu. Mai yiwuwa ma an goge ta, don dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta yarda a yi ta riƙe bayanan mutum bayan buƙatarsu ta wuce ba. A sabuwar, abin da ka yi da mutane shi zai hau sama: in ka yi aikin rigakafi gida-gida, ko rabon gidan sauro, ko ka jagoranci ƙungiyar manoman garinku, da sunan mazaɓa da yawan ƙauyukan da ka zaga.

Sannan ka koma imel ɗinka, ka nemo saƙonta na ƙarshe, ka danna Reply a kansa. Kada ka buɗe sabon saƙo. Idan ta buɗe ta ga tsohuwar hirarku a ƙasa, ta tuna da kai ba tare da ta wahala ba. Saƙon kada ya wuce abin da za a karanta a waya ba tare da an yi ta jan allo ba. Ga yadda zan tsara shi, kai ka juya shi Turanci:

"Hajiya, barka da aiki. Ni ne wanda kuka yi wa intabiyun jami'in tattara bayanai a watan kaza, kika sanar da ni na zo na biyu. Na nemi gurbin jami'in hulɗa da al'umma mai lamba kaza ranar Litinin, ta shafinku. Tun bayan haɗuwarmu na yi aikin wayar da kai a ƙauyuka kaza na ƙaramar hukumarmu, kuma ina zaune a yankin da aikin yake. Shin sakamakon wancan intabiyun yana cikin abin da za a duba, ko akwai wata takarda da zan ƙara? Na gode."

Lura da tambayar ƙarshe. Tambaya ce da za ta iya amsawa da layi ɗaya ba tare da ta karya doka ba. "Ki taimaka min don Allah" kuwa ba ta da amsa, shi ya sa ake yin shiru a kanta. Kuma in a wancan kiran ta gaya maka inda aka fi ka, misali rubuta rahoto, to jimlar tsakiyar nan ta zama a kan abin da ka yi don toshe wannan giɓin. Ba abin da ke burge ɗan kwamiti kamar ya ga an ji maganarsa.

Na ga wata yarinya daga wajen Kiyawa da ta bi wannan hanya. Ta zo ta biyu ne saboda hannunta bai faɗa a kwamfuta ba, amma duk mun rubuta a takardar maki cewa ta iya magana da mata. Da gurbin al'umma ya fito ta cike fom, ta amsa a kan tsohon saƙo, jami'ar ta zaro fayil ɗin ta ajiye mana a tebur. Ba a tsallake mata intabiyu ba, sai da ta sake zama a gabanmu. Abin da saƙon ya saya mata shi ne shiga jerin waɗanda aka kira, kuma iyakar abin da za ka sa rai ke nan.

Akwai abin da nake roƙonka ka bari, don na san al'adarmu. Kada ka tura wani babba ya yi maka magana, kada ka tashi takanas zuwa Dutse ka tsaya bakin get, kada ka kai tsaraba. A gida wannan mutunci ne, a ofis kuwa yana iya jefa ta cikin tuhuma, har ta cire hannunta daga fayil ɗinka. WhatsApp ma sai in da can ta nan kuke magana, kuma a lokacin aiki.

In mako ɗaya zuwa kwana goma ya wuce shiru, ka tuna mata sau ɗaya da layi biyu, ka bar shi. In saƙon ya dawo maka da cewa adireshin ba ya aiki, ta bar wurin ne, don masu wannan aiki suna yawan canja sheƙa. Sai ka tura wannan saƙon zuwa adireshin da ke jikin tallar, ka ambaci sunan tsohon gurbin da watan da aka yi intabiyun, fayil ɗin na ofis ne ba nata ba. In kuma wani ya kira ka da sunanta ya ce ka tura kuɗin fom ko na horo, ɗan damfara ne, kashe wayarka.

Sai batun sabis ɗin waya. In garinku yana ɗaukewa, ka sa lamba ta biyu ta wanda ke cikin Jahun ko Dutse, ka kuma riƙa duba imel kullum har da akwatin Spam, domin gayyatar intabiyu takan zo da wa'adin kwana biyu ko uku, kuma in an kira an kira ba a same ka ba, na bayanka ake nema. Allah Ya sa rabonka ne.