Ba a karanta mitata ba, amma bil yana zuwa

Tambaya: Malam, mitar wutar lantarkin gidanmu irin ta biya bayan an sha ce. Wata uku ke nan ba wanda ya zo ya duba ta, amma kowane wata bil na zuwa da yunit 300 cif. Yaya zan yi a gyara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, maganin yana jikin mitar taka. Irin wannan mita tara lissafi take yi, ba ta komawa sifili a ƙarshen wata, don haka ko an daɗe ba a duba ta ba, abin da ka sha yana nan a rubuce.

Ka nemo bil na ƙarshe da aka yi da karatun gaske. A kan takardar akwai `Previous Reading` da `Present Reading`, wato karatun baya da na yanzu. A ce karatun gasken ya tsaya a 4,200. An yi maka ƙiyasin 300 sau uku, wato 900, sai takarda ta kai 5,100. Idan yau mitarka na nuna 4,680, to yunit 480 ka sha, an ɗora maka 420. In kuɗin yunit a takardarka naira 60 ne, misali, rarar ta kama naira 25,200, ban da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da aka caje ka a kanta.

Sai ka ɗauki hoton mitar don ya zama hujja, amma wajen ɗaukar hoton mutane suka fi yin kuskure. Mita mai allo tana sauya lambobi, ta nuna ƙarfin wuta, ta nuna kwanan wata. Ka jira lambar da ke da `kWh` a gefenta, ka ɗauka yadda lambar shaidar mitar ma za ta fito, sannan ka gwada ta da wadda ke kan bil, domin akan haɗa mutum da mitar maƙwabcinsa. Kada ka goge asalin hoton daga wayarka. Shi ne ke ɗauke da rana da lokaci, wanda aka tura ta WhatsApp yakan rasa su.

Daga nan sai ka kai ƙorafi a rubuce ofishin kula da abokan hulɗa na kamfanin wutar, ka haɗa hoton da takardun bil, ka nemi a zo a karanta a daidaita asusunka. Ka karɓi shaidar cewa sun amsa, don maganar baka da ma'aikacin da ke raba bil ba ta zama hujja. Ƙa'idar NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ba su kwana 15 na aiki. In sun wuce shiru, sai ka ɗaukaka ƙara zuwa zauren sauraron ƙorafi na hukumar.

Kafin a gama, ka ci gaba da biyan kuɗin abin da mita ta nuna, kana ajiye rasit. Yawanci ba tsabar kuɗi ake mayarwa ba, ragewa ake yi daga bil na gaba. Ka kuma yi lissafin a gida tukuna, domin in mitar ta zarce abin da ke takarda, kai ne za ka cika.