Kuɗin makaranta: in biya gaba ɗaya ko kashi-kashi da ƙari?

*Assalamu alaikum. Ina sayar da shinkafa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Yarana uku ne a makarantar kuɗi, kuma kuɗin zangonsu N180,000 ne idan na biya gaba ɗaya. Idan kashi uku ne, N200,000: N80,000 ranar komawa, N60,000 bayan wata ɗaya, N60,000 bayan wata biyu. Buhun da na saro N60,000 ina cin N3,000 a kansa. Ni a ganina gara in riƙa juya kuɗin, ai ƙarin bai taka kara ya karya ba. Me ka gani?*

Wa alaikumus salam, Malam. Kuskurenka ɗaya ne, kuma babba ne: ka ɗora ƙarin nan a kan kuɗin zango duka, ka ga kusan kashi 11 cikin ɗari, hankalinka ya kwanta. Ba a nan lissafin yake ba. Abin da za ka duba shi ne nawa ya rage a hannunka, kuma kwana nawa zai yi kafin makaranta ta karɓe shi.

Ranar komawa dole ka ajiye N80,000, don haka abin da aka bar maka ka juya N100,000 ne, na wata ɗaya tak. Wata na cika ka cire N60,000, saura N40,000, shi ma wata ɗaya zai yi. Idan ka haɗa, tamkar an ba ka aron N140,000 ne na wata guda, aka ce ka ɗora N20,000 a kai. Kashi 14 cikin ɗari ke nan a wata. Da wani ne ya shigo shagonka ya ce zai ranta maka kuɗi a kan wannan sharaɗi, da ba ka bari ya gama magana ba. (Hukuncin irin wannan ƙari a addini kuwa, ka kai wa malaminka, nawa lissafi ne.)

To, koma kan shinkafarka. N3,000 a kan N60,000 kashi 5 ne cikin ɗari. Kafin ka mayar da ƙarin makaranta kawai, sai ka saro ka sayar, ka sake sarowa ka sayar, har sau uku a cikin wata, da wannan kuɗin. Ba mu cire kuɗin dako ba, ba mu cire na mota ba, ba mu yi zancen mai tuwo-tuwon da za ta ɗauki buhu biyu ta ce sai ƙarshen wata ba. Ka tabbata kayanka na fita da wannan sauri? Wasiƙarka ba ta ce komai a kan haka ba, shi ya sa nake zargin babu littafin da kake rubutawa. Wanda bai san sau nawa jarinsa ke juyawa a wata ba, in ya ce "zan juya kuɗin", fata yake yi kawai.

Na san wani mai atamfa a Kasuwar Barci da ya shiga irin wannan tsari. Kuɗin da ya riƙe bai ma kai ga dila ba. Ƙaninsa ya zo da zancen wata harka da za ta ninka cikin mako uku, ya ɗauka ya ba shi. Kashi na biyu ya zo babu, makaranta ta ɗora tarar jinkiri, ana saura kwanaki a fara jarrabawa aka koro yaran gida da jakunkunansu. Ƙarshe sai da ya karyar da turmi goma ƙasa da yadda ya saro. Na gaji da jin labarin harkar da ke ninka kuɗi cikin mako uku, wallahi.

Akwai inda biyan kashi-kashi ke da ma'ana: idan biya gaba ɗaya zai bar shagonka wayam, ko littafinka ya nuna kayan na juyawa kowane mako, kamar gab da Sallah. A nan ma ka sa a rubuta maka ranakun biya da adadin tarar jinkiri, kuma kada ka bar ofishin ba tare da rasit na kowane kashi ba.

Amma a yadda ka kwatanta, in kuɗin na hannu, ka biya gaba ɗaya. Ka je wurin mai makarantar da kanka, kada ka aika yaron shago. Uban yara uku da ya zo da kuɗi a dunƙule yana da bakin neman ragi, domin shi ma mai makarantar albashin malamai ke jiransa.

Zango uku ne a shekara, wato N60,000 za ka riƙa zubarwa idan ka saba da wannan hanya. Daga gobe ka riƙa ware N1,500 kullum a wani asusu daban wanda ba ya haɗuwa da cinikin shago, ko ka zuba adashi wurin wanda ka yarda da amanarsa, da sharaɗin kwasarka ta faɗo kafin komawa makaranta. Cikin kwana 120 kuɗin zango mai zuwa ya haɗu. Allah ya yi wa yaran albarka.