Nawa ne kuɗin kwana ɗaya a gadon asibitinka?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Maradi. Na zuba jari a ƙaramin asibiti mai gado 20 da ƙanena likita yake riƙe da shi. Muna karɓar sefa 4,000 kuɗin gado kowane kwana, magani da gwajin jini daban. Da damina ba masaka tsinke, amma ƙarshen shekara ba na ganin riba. Ga takardar kashe-kashenmu na wata. Yaya zan san abin da kwana ɗaya ke ci mana?

Amsa: Alhaji, kai da ka saba da sari ka san kuɗin buhu ba shi ne abin da ka biya a Dawanau kaɗai ba, sai an ɗora masa dako da kuɗin mota da hayar sito. A ɗakin kwanciya, buhun naka shi ne kwanan majinyaci: mutum ɗaya a kan gado ɗaya dare ɗaya. Kafin a taɓa kuɗi, a fara iya ƙirga shi.

A ajiye littafi wurin ma'aikacin dare. Da ƙarfe 12 na kowane dare ya rubuta yawan waɗanda ke kwance, a ƙarshen wata a tara. Ranar da aka kwantar da mutum tana cikin lissafi, ranar sallama ba ta ciki. Wanda aka yi wa ƙarin ruwa da safe ya koma gida da la'asar, ku ba shi kwana ɗaya, domin ya ɓata zanen gado kuma ya ci lokacin ma'aikata. Kada ku ƙirga da yawan mutanen da aka kwantar. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro na iya tashi bayan kwana 2, dattijo mai gyambon ciwon suga ya shafe kwana 12, kuma a rajista kowannensu layi ɗaya ne.

Sai tara kuɗin. Takardarka ta nuna asibitin yana da sassa huɗu masu kawo kuɗi: ɗakin kwanciya, wurin duba masu zuwa su koma, ɗakin gwaji, da kantin magani. A fara da abin da ɗakin kwanciya ya ci shi kaɗai. Albashin ma'aikatan jinya shida 600,000. Safar hannu, auduga da makamantansu 110,000. Likita yana karɓar 500,000, kuma idan kashi 40 cikin ɗari na lokacinsa a zagayen gadaje yake tafiya, rabon ɗakin 200,000 ne. Na ƙara 50,000 da babu su a takardarka, na lalacewar kaya: gado da katifa da fanka suna tsufa ko ba ka fitar da ko dala ba a wannan watan, don haka ake raba kuɗin sayensu a kan watannin da za su yi suna aiki. Jimla 960,000. Magani ba ya ciki tunda majinyaci yana biyansa daban.

Inda lissafi ya fi karkacewa shi ne kuɗin tarayya, wanda duk sassan suka ci tare. Masu asibiti da yawa suna raba shi gida huɗu daidai, ko su ɗora wa sashen da ya fi kawo kuɗi kaso mafi girma. Duka biyun ba su da tushe. Kowane kuɗi ana tambayarsa abu ɗaya: mene ne ke sa shi ƙaruwa? Amsar ita ce ma'aunin da za a raba shi da shi.

Haya tana bin faɗin wuri. A auna ginin da igiyar awo. Mu ɗauka murabba'in mita 300 ne, ɗakin kwanciya ya ci 180. Kashi 60 ke nan na hayar 300,000 da kuke biya, wato 180,000. Wanki da shara, 100,000, suna bin yawan zannuwan da ake wankewa, kuma mafi yawansu daga gadaje suke fitowa, sai mu ba ɗakin 80,000. Albashin mai karɓar kuɗi da akawu da mai gadi, 250,000, ya bi yawan ma'aikatan sassan: shida cikin 15, wato 100,000.

Wuta ce ke son a tsaya a kanta. Kuɗin NIGELEC da man janareta sun kai 400,000 a wata. In aka bi faɗin wuri, ɗakin kwanciya zai ɗauki 240,000, alhali abin da ke cikinsa fankoki ne da ƙwayayen fitila. Ɗakin gwaji kuwa ɗan ƙarami ne, amma firjinsa ba ya hutawa dare da rana, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga injunan gwaji. A kira mai gyaran wuta ya rubuta ƙarfin kowace na'ura, a ninka da awowin da take aiki a rana, a tara na kowane sashe. In ya fito kashi 45 ga ɗakin kwanciya, rabonsa 180,000 ne. Bambancin 60,000 ya fito daga zaɓen ma'auni kawai. Wannan rabon yana kuma son a riƙa sabunta shi: waɗanda suka riƙe asibiti a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turowa, sun ga yadda kuɗin mai ya haɗiye lissafin da aka yi a baya.

Kuɗin tarayya ya zama 540,000. Haɗe da 960,000, ɗakin kwanciya yana cin 1,500,000 a wata. Gado 20 sau kwana 30 zai ba da kwana 600, kuma jarabar da ake faɗawa ita ce a raba da 600 a ga 2,500 a yi murna. Gadon da ba kowa a kai ba ya biyan haya. Idan littafin dare ya nuna kwana 300 a matsakaicin wata, kowane kwana ya ci 5,000, kuna sayar da shi 4,000. Asarar 300,000 ke nan duk wata, kuma ina kyautata zaton ribar kantin magani ce ke rufe ta shiru, shi ya sa aljihunka bai ji komai ba.

Dalilin da damina ke ruɗar ka kuwa, cikin 1,500,000 ɗin, wajen 180,000 ne kawai, irin su kuɗin safar hannu da auduga, ke hawa da sauka da yawan majinyata, wato 600 a kwana. Sauran 1,320,000 sai an biya su ko ɗakin wayam yake. A Satumba, zazzaɓi ya cika gadaje aka samu kwana 500, kwanan ya sauko 3,240, a ga kamar ana cin riba. A watan da aka samu 200 kacal, ya haura 7,200. Saboda haka ba a yanke farashi da wata guda. A tara kuɗin wata 12 a raba da kwanakin wata 12. A farashinku na yanzu, kowane kwana yana barin 3,400 bayan an cire 600, sai an samu kwana 389 a wata kafin a mayar da uwar kuɗi, kusan gado 13 cike kowane dare.

In kuna da ɗakin alfarma mai na'urar sanyi da bayan gida nasa, kada a cuɗa shi da babban ɗaki, in ba haka ba talakan da ya zo daga Madarumfa ko Ɗan Isa shi zai riƙa biya wa mai hali sanyinsa. A ba shi nasa rabon haya da wuta, a raba da nasa kwanakin.

Ban ce ka ɗaga kuɗin gado zuwa 5,000 gobe ba. Tun 2006 asibitocin gwamnati ke da tsarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma su ne suka fi cika gadaje da damina, ƙari mai yawa zai iya mayar da iyayensu can. Ku zauna da likita ku duba ko dole ne ma'aikata shida su kasance duk shekara, ko huɗu sun isa a ɗauki biyu na wucin gadi daga Agusta zuwa Oktoba. Wannan kaɗai zai rage 200,000 a kowane ɗaya daga cikin sauran watanni tara.