Me ya sa ake canza bawul tare da sabuwar taya?

"Kawu, na sayi sababbin tayoyi huɗu, mai faci ya ce sai an canza bawul ma, alhali nawa lafiyarsu lau. Al'ada ce kawai ta masu sana'ar, ko akwai dalili?"

Ɗana, da gaskiyar mai facin nan, ka bar shi ya canza. Bawul ɗin taya marar tib roba ce da aka lulluɓe wani siririn bututun tagulla da ita. Ta cikin rim ake cusa shi, a jawo shi waje har gindinsa ya zauna daram a cikin rami. Ba noti, ba gam, taurin robar ne kaɗai yake riƙe iska a wannan wurin. Irin wanda aka fi sa wa ƙananan motoci, TR413, raminsa milimita 11.5 ne, kuma an yi shi ne don iskar da ba ta wuce psi 65 ba.

To, roba tana tsufa. Rana tana dukanta, zafin birki yana gasa ta ta jikin rim, kuma duk lokacin da mota take gudu sai juyawar ƙafa ta riƙa lanƙwasa bawul ɗin gefe guda. Shekara da shekaru a haka, sai gindin ya bushe ya fara tsattsagewa, daidai wurin da ido ba ya kai wa. Naka da kake gani lafiya lau sa'an tsohuwar taya ne, tare suka sha wahala. In ka bar shi, ka ɗora masa rayuwar taya ta biyu ke nan. Ranar da zai gaza kuwa, tunda ta ciki yake shiga, dole a kwance ƙafar, a sauke iska, a danne bakin tayar daga rim. Yau da tayar take a cire, aikin minti ɗaya ne.

Na taɓa shan wannan a ƙafar baya ta dama. Nakan buga mata iska psi 32, bayan mako in tarar da 27. Taya lafiyayya takan rage kamar 1 ko 2 ne a wata, saboda haka na san akwai inda take sacewa. Aka tsoma ta a ruwa, aka juya, ba ƙusa, ba kumfa ko ɗaya. Sai da na zuba ruwan sabulu a gindin bawul na tura shi gefe da yatsa, nan take kumfa ta taso. In yana tsaye tsagar a rufe take, sai mota tana tafiya take buɗe baki. Shi ya sa nake gaya maka, duk mai neman sacewar taya da bai lanƙwasa bawul ba, bai gama bincike ba. In ka lanƙwasa ka ga tsaga ƙanana kamar faso, an gama magana.

Hanya ta biyu da iska take sacewa ita ce allurar da ke cikin bawul, wadda ake murɗawa a cire. Tana da ɗan sifirin da wata 'yar roba mai rufe hanyar iska. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a kan wannan robar, iska za ta yi ta zurarewa a hankali. Yashin kuma yawanci bawul marar hula yake samu: ƙura ta taru a baki, ka zo ƙara iska, ka tura ta ciki da hannunka. Kada ka raina hular nan. Gwajin allura mai sauƙi ne, ka cire hula, ka ɗiga ruwan sabulu a bakin, ka jira. In kumfa ta kumbura, a ɗan ƙara ɗaure ta da makullinta, ba da ƙarfi ba, don matsewa da yawa tana lalata robar. In ba ta daina ba, a sa sabuwa.

Ka tsaya a kan mai facin lokacin da yake saka sabon bawul. Ya goge tsatsar bakin ramin, domin sabuwar roba ba ta zama a kan tsatsa. Ya shafa ruwan sabulu, ban da giris ko man inji, su suna cin roba. Ya ja da abin jan bawul, ba da filaya ba.

Abu ɗaya za ka duba tukuna. In motarka tana nuna iskar taya a gaban direba, wato TPMS, mai yiwuwa akwai na'ura a manne da bawul ɗin ta ciki, kada ya yanke shi da wuƙa. In na alminiyam ne, robobin gindinsa da noti da allura ake canzawa, kuma allurar ta zama fara mai rufin nikel. In aka sa ta tagulla tsirara, ƙarafan biyu sukan ci juna har ta kafe a ciki ta ƙi fita.