Ɗaukar guntun bidiyon wani: inda hatsarin yake da yadda ake ambaton mai shi

Tambaya: "'Yan uwa, ina haɗa bidiyon sharhi kan labarai da Hausa a YouTube. An ce mini idan guntun da na ɗauko daga gidan talabijin bai wuce daƙiƙa goma ba, kuma na rubuta sunansu a ƙasa, babu abin da zai same ni. Shin haka ne?"

Malam, wanda ya faɗa maka haka ya ba ka ƙa'idar da babu ita a dokar Nijeriya ko ta Amurka, kuma babu ita a sharuɗɗan YouTube. Na daɗe ina tace bidiyon labarai, na kuma ga guntun da bai kai daƙiƙa goma ba ya jawo an cire bidiyo, na ga wanda ya kai minti biyu ya tsira. Abin da ake dubawa shi ne aikin da guntun yake yi a cikin bidiyonka, da kuma ɓangaren da ka yanko daga aikin mai shi.

Akwai wata shari'a a Amurka da ta fito da wannan fili. A tarzomar Los Angeles ta 1992, wani ƙaramin kamfanin labarai mai suna Los Angeles News Service ya ɗauki hoton dukan da aka yi wa direban babbar mota, Reginald Denny, daga jirgi mai saukar ungulu. Tashar KCAL ta nemi izinin nuna hoton, aka hana ta, sai ta samo shi daga wata tasha ta watsa kimanin daƙiƙa 30 daga cikin minti huɗu da daƙiƙa 40. A 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da ya wanke tashar, domin abin da ta yanko shi ne zuciyar hoton, wato ɓangaren da sauran tashoshi ke biyan kuɗi su samu. Ka lura cewa gidan talabijin ne yake ba da labari na gaskiya, amma hakan bai ishe shi kariya ba. Labarin da ya faru ba mallakar kowa ba ne, kana iya ba da shi da bakinka yadda ka so. Hoton da wani ya ɗauka na labarin kuwa nasa ne.

Bari mu ɗauki misalin da ya yi kama da aikinka. A ce kana sharhi kan ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, kuma wata tasha tana da rahoto na minti uku. Idan ka yanko daƙiƙa takwas na hoton sama da ke nuna unguwanni cikin ruwa, ka sa shi a farkon bidiyonka domin ya ja ido, kana magana a kai ba tare da ka ce komai game da hoton kansa ba, to ka ɗauki mafi tsadar abin da ke cikin rahoton ka yi ado da shi. Wannan shi ne amfani mafi hatsari, duk da gajartarsa. Amma idan ka yanko daƙiƙa ashirin na wani jami'i yana bayani, ka tsayar da hoton, ka kwatanta abin da ya faɗa da abin da aka sanar a baya, ka nuna inda maganar ta yi karo, to guntun ya zama hujjar da sharhinka ya dogara a kai, kuma matsayinka ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tambayar da nake yi wa kaina kafin in yanka ita ce: idan na cire guntun nan, maganata za ta rushe, ko kuwa kyan bidiyon ne kawai zai ragu? Idan kyau ne kawai zai ragu, ina cire shi in sa taswira ko hoton da na ɗauka da kaina. Ina kuma duba ko wanda ya kalli nawa zai ga ba ya buƙatar kallon na asali, domin cin kasuwar mai shi yana daga abubuwan da kotu ke aunawa.

Wasu abubuwan kuma na kauce musu ɗungurungum: ƙwallon da aka zura a gasannin Turai, waƙa, da bidiyon wayar da ya bazu. Na ƙarshen yana yaudarar mutane, domin suna ganin ba shi da mai shi, alhali kamfanoni irin su Storyful da ViralHog suna ƙulla yarjejeniya da masu ɗaukar irin waɗannan hotuna su riƙa sayar da lasisinsu.

Dole ka rarrabe doka da na'ura. Content ID, tsarin gano kayan masu haƙƙi da YouTube ke amfani da shi tun 2007, ba ya sanin ko sharhi kake yi; yana gwada sauti da hoto ne kawai da abin da masu haƙƙi suka ajiye. Idan ya kama, mai haƙƙin yana iya toshe bidiyon, ko ya karɓe kuɗin tallarsa, ko ya bar shi yana bibiya, kuma wannan da'awa ba ta shafar lafiyar tasharka. Idan ka ƙalubalanta, yana da kwana 30 ya ba da amsa. Abin tsoro shi ne buƙatar cirewa a hukumance, wadda ke zuwa da gargaɗi mai ɗaukar kwana 90, kuma uku a cikin wannan wa'adi suna iya sa a rufe tashar. Saboda haka ka ɗora bidiyon a matsayin Unlisted, ka jira matakin Checks ya kammala, idan an kama wani abu ka yanke shi kafin ka saki. Sai dai wucewa wannan mataki ba wankewa ba ne, domin mutum yana iya gani bayan wata shida ya shigar da koke da hannunsa. Kada kuma ka ƙalubalanci da'awa don fushi kawai, domin ƙalubale marar hujja yana iya mayar da ita buƙatar cirewa.

Game da rubuta suna, wajibi ne a kanka, amma ba ya zama izini. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba da damar amfani da aikin wani domin suka ko nazari ko ba da labarin abin da ke faruwa, tare da ambaton aikin da mai shi, kuma duk da haka ana auna manufa da yawan abin da aka ɗauka da tasirinsa ga kasuwa. Rubuta "bidiyon nan ba nawa ba ne" kuwa shaida ce kawai cewa ka san na wani ne.

Yadda nake yi shi ne in sa sunan mai hoton a kan allo duk tsawon lokacin da guntun ke tafiya, in faɗe shi da baki, sannan a bayanin bidiyo in rubuta sunan shirin, ranar da aka watsa shi, adireshinsa, da mintin da guntun ya fito a nawa. Ba na rufe tambarin tasha, ba na kuma ɗora nawa a kai. Ka kula da cewa tambarin da ke kusurwa ba kullum yake nuna mai shi ba, domin tashoshi da yawa suna sayen hotuna daga Reuters ko AP ko AFP, kuma ƙaramin rubutu a wata kusurwar ne ke bayyana hakan. A irin wannan hali ko tashar ta yarda, ba ta da ikon ba ka abin da ita ma haya ta ɗauka. Idan mai hoton mutum ne da ya ɗauka da wayarsa, ka tura masa saƙo ka faɗi ainihin daƙiƙun da kake so, da inda za ka sa, da cewa tasharka tana samun kuɗin talla, ka tambaye shi ko shi ya ɗauka da hannunsa da kuma ko ya riga ya ba wani kamfani lasisi, sannan ka adana amsarsa a rubuce.