Me ya sa allurar gudun jirgin sama take hawa idan bututun Pitot ya toshe?

Tambaya: Malam, ni sabon ɗalibin tuƙin jirgin sama ne. An ce mana agogon gudu da na tsayi da na hawa da sauka duk a kan bututu biyu suke aiki. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wai idan bututun Pitot ya toshe, allurar gudu sai ta riƙa hawa in jirgi yana hawa. Ta yaya abin da ya toshe zai nuna ƙarin gudu? In hakan ta faru ina sama, ta yaya zan gane wanne ne ya toshe?

Amsa: Ka fara cire wa ranka cewa akwai agogon da yake auna gudu ko tsayi a cikin ukun nan. Dukkansu matsin iska suke aunawa, sai dai an rubuta wa kowanne lambobi daban a fuskarsa.

Matsi iri biyu ake ɗauko musu daga wajen jirgi. Na farko shi ne matsin iskar da ke kewaye da jirgin, wato nauyin iskar da ke bisa kansa, wanda yake raguwa gwargwadon yadda aka yi sama. A bakin teku, bisa ma'aunin da aka amince da shi, miliba 1013 ne, kuma a nan ƙasa-ƙasa yakan ragu da miliba ɗaya a duk ƙafa 27 zuwa 30 da aka hau. Ta wasu 'yan ramuka a gefen jikin jirgi ake ɗaukarsa, inda iska take wucewa ta shafe su ba tare da ta faɗa ciki ba. Su ne ramukan sitatik. Na biyu yana shigowa ta bututun Pitot, wanda bakinsa yake fuskantar gaba, iska tana dukansa kai tsaye. Sunan Henri Pitot ya ci, Bafaranshen da ya auna gudun ruwan kogin Seine da irinsa a 1732. Abin da ke cikin wannan bututu shi ne matsin kewaye, haɗe da ƙarin da dukan iska ya kawo.

Agogon tsayi ramin sitatik kaɗai yake sha. A cikinsa akwai 'yar jaka ta siririn ƙarfe, mai naɗe-naɗe kamar zugazugi, an zuƙe iskarta an liƙe. In jirgi ya hau, matsin da ke danne ta ya ragu, sai ta kumbura ta juya allura. Agogon hawa da sauka shi ma sitatik yake sha, amma ta hanya biyu: jakarsa tana samun matsin nan take, akwatin da ke kewaye da ita kuwa ta wata 'yar ƙofa mai ƙunci yake samu, a hankali. Muddin ana hawa ko sauka, akwatin yana baya, wannan ratar ce allura take nunawa a matsayin ƙafa kaza a minti. Shi ya sa yake yin jinkirin daƙiƙa shida zuwa tara kafin ya daidaita.

Agogon gudu ne kaɗai yake shan duka biyun. Matsin Pitot yana shiga cikin jakarsa, na sitatik yana cika akwatin. Ke nan ɗebewa yake yi: na Pitot, a cire na sitatik, abin da ya rage shi ne dukan iska. Kuma ragowar nan ƙarama ce ƙwarai. In allura tana kan not 100, wato mil 100 na teku a awa, bambancin wajen miliba 16 ne kawai, alhali kowane ɓangare yana ɗauke da ɗaruruwa. Ga shi bambancin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi.

To mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Kana ƙafa 3,000, inda matsin kewaye yake wajen miliba 908, kana gudun not 100. A cikin bututun Pitot akwai 908 da 16, wato 924. Sai ƙanƙara ta rufe bakin bututun, ta kuma rufe ɗan ramin da ke ƙasansa wanda ruwa yake tsiyayewa ta ciki. Yanzu 924 ɗin nan ta kulle a ciki, ba shiga ba fita. Muddin ba ka canza tsayi ba, allura tana nan kan 100, ko ka ƙara wuta ko ka rage. Ba abin da zai ja hankalinka.

Sai ka hau zuwa ƙafa 4,000, gudunka na gaskiya bai canza ba. Matsin kewaye ya sauko zuwa 875, ramin sitatik kuwa lafiyarsa ƙalau, ya kai wa akwatin wannan sabon matsi. Agogo ya ɗebe 875 daga 924, ya sami 49. Wannan ya ɗan haura ninki uku na 16, a fuskar agogo kuwa ya kama wajen not 175. Ƙafa dubu kacal ka hau, allura ta ƙara maka not 75 da babu su. Da ƙasa ka yi zuwa ƙafa 2,500, inda matsin ya kai kimanin 925, da bambancin ya ƙare, allura ta kwanta a sifili alhali jirgi yana tafiyarsa. Agogon gudu ya koma agogon tsayi ke nan, tunda ɓangare ɗaya ya daskare, ɗayan kuma tsayi yake bi.

Abin da ya sa wannan toshewa take tsorata ni shi ne, ƙaryar tana ciyar da kanta. Matuƙi ya ga gudu ya yi yawa, sai ya ɗaga hancin jirgi ya rage wuta. Jirgi ya ƙara hawa, allura ta ƙara hawa, shi kuma ya ƙara ja, har gudun gaskiya ya gaza, fuka-fuki su daina ɗaukar jirgin. Haka ta faru da jirgin Birgenair mai lamba 301, ƙirar Boeing 757, da ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika ranar 6 ga Fabrairun 1996. Jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye, masu bincike kuma sun fi zargin cewa zanzaro ne ya yi gini a bututun ɓangaren kyaftin. Tun ana gudu a kan titin tashi kyaftin ya lura agogonsa ba ya aiki, amma aka ci gaba. Da suka fara hawa sai allurar ta motsa, ta yi kamar ta warke, alhali tsayi take bi. Na'urar tuƙi da kai, wadda take karɓar bayani daga wannan ɓangare, ta yi ta ɗaga hanci. Agogon mataimakinsa yana faɗin gaskiya duk tsawon lokacin. Mutum 189 suka rasu.

In bakin bututun ne kawai ya toshe, ramin tsiyayar ruwa yana buɗe, abin ya zo da sauƙi. Matsin da ke ciki zai sulale ta ramin, allura ta faɗi zuwa sifili, kowa ya gane agogo ya mutu.

Toshewar sitatik kuwa agogo uku take kamawa lokaci guda. Koma ƙafa 3,000 ɗin nan, a ce 908 ce ta kulle. Agogon tsayi zai tsaya cak a 3,000, na hawa da sauka ya koma sifili ya zauna. Na gudu zai ci gaba da motsi, amma da kuskure, kuma akasin na ɗazu: in ka hau ya nuna ƙasa da gaskiya, in ka sauka ya nuna fiye. Sauko ƙafa 2,000 da not 100 ɗinka. Matsin wurin 942 ne, bututun Pitot ya kawo 958, agogo ya ɗebe tsohuwar 908 ya sami 50, ya sake nuna maka kusan 175. Ka duba halin da matuƙi yake ciki a nan: yana kusantar ƙasa, an ce masa yana nan a sama, an kuma ce masa ya rage gudu. Jirgin Aeroperú mai lamba 603, shi ma Boeing 757, ya tashi daga Lima da dare ranar 2 ga Oktoban 1996 da tef a liƙe a kan ramukan sitatik, wanda aka manna lokacin goge jikin jirgi aka manta ba a cire ba. Matuƙan sun nemi mai kula da zirga-zirgar jirage ya faɗa musu tsayinsu, ya karanta musu abin da ya gani a allonsa. Sai dai lambar nan jirgin ne da kansa yake aiko ta, daga ramukan da suka toshe. Suka ɗauka sun sami shaida ta biyu, suka ƙi yarda da ƙararrawar kusantar ƙasa, wadda ita da rediyo take aunawa kuma daidai take faɗa. Jirgin ya taɓa teku, mutum 70 da ke ciki suka rasu.

Ganewa a sama ba ta da wuya in ka natsu. Dubi agogon da ke nuna zaman hancin jirgi da fuka-fukinsa, ka dubi ƙarfin injin, domin babu ruwansu da waɗannan bututai. In hanci yana sama, wuta ba ta ƙaru ba, amma allurar gudu tana hawa, to ƙarya take yi, jirgi ba ya ƙara gudu a haka. Daga nan sai ka dubi sauran biyun. In agogon tsayi da na hawa da sauka suna motsi yadda ya kamata, Pitot ne. In sun daskare alhali ka san kana hawa ko sauka, sitatik ne. Gudun da GPS yake nunawa zai taimaka maka, amma ka tuna gudu ne a kan ƙasa, iskar gaba ko ta baya tana canza shi.

Kafin ma ka gama bincike, ka ajiye hanci da wuta a inda ka san suna ba ka tafiya lafiya. Saboda haka nake so kowane ɗalibi ya haddace lambobin jirginsa: wuta kaza da hanci kaza suna ba da gudu kaza, a hawa da miƙewa da sauka. A hatsarin Air France mai lamba 447 a 2009, ƙanƙara ta rikita ma'aunin gudu na ƙasa da minti ɗaya ne kawai. Jan hancin da ya biyo baya shi ya kai jirgin ga faɗuwa.

In Pitot ne, kunna maɓallin PITOT HEAT mai ɗumama bututun, in ƙanƙara ce za ta narke, ko da yake ƙa'ida ita ce a kunna shi tun kafin a shiga gajimare mai sanyi. Zafi ba ya narkar da ginin zanzaro, wannan sai a ƙasa: a rufe bututun da murfinsa in an ajiye jirgi, a cire kafin tashi, a leƙa bakinsa da ramukan gefe da ido, kada kuma a hura shi da baki don jakar agogon ba ta jure haka. Sannan a kan titin tashi, in allura ba ta motsa ba, a fasa tashin tun da sauran fili.

In sitatik ne, buɗe hanyar sitatik ta ko-ta-kwana. A ƙananan jiragen da ba a matse iskar cikinsu, daga cikin ɗakin matuƙi take ɗaukar matsi, wanda yakan ɗan gaza na waje saboda iskar da ke wucewa a jikin jirgi tana zuƙarsa. Don haka da ka buɗe za ka ga agogon hawa da sauka ya ɗan zabura sama ya dawo, na tsayi da na gudu kuma su nuna ɗan fiye da gaskiya. Yawan wannan ƙari ya bambanta daga jirgi zuwa jirgi, yana rubuce a littafin jirginka, kuma yakan canza in taga ko ƙofar shan iska tana buɗe.